Matsarmama da doguwar hanyar da maiƙo ke bi daga hanji zuwa jini

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mahauci yana gyaran kayan cikin rago ya ga yadda yake rage sauri idan ya zo kan hanta. A ƙarƙashinta akwai wata 'yar jaka mai launin kore-kore, wadda yake yankewa a hankali ya jefar, domin idan ta fashe ɗacinta zai ɓata naman. Wannan ita ce matsarmama, wasu kuma su ce maɗaciya. Ruwan da ke cikinta ba shi da amfani a tukunya, amma a jikin ɗan Adam shi ne ke sa man gyaɗa da man ja da man shanu da kitsen nama su iya ratsa bangon hanji. Bayan sun ratsa kuma, ba sa bin hanyar da sauran abinci ke bi.

Suga da ke fitowa daga tuwo da shinkafa, da sinadaran gina jiki da ke fitowa daga wake da nama, suna shiga ƙananan jijiyoyin jinin hanji, wata babbar jijiya ta kwashe su kai tsaye zuwa hanta. Akasarin maiƙo kuwa yana shiga wasu magudanai dabam, ya hau ta bayan ƙirji har zuwa gindin wuya, a can ne yake haɗuwa da jini. Wanda ya fahimci dalilin wannan zagaye zai gane alamun cututtuka da dama da a ido ba su da alaƙa da juna.

Ruwan matsarmama da aikinsa

Hanta ce ke yin wannan ruwa, dare da rana, abin da ya kai kimanin rabin lita zuwa kusan lita ɗaya a kullum. Matsarmama ma'ajiya ce kawai. Ba ta ɗaukar fiye da mililita 30 zuwa 60, don haka tana tsotse ruwan da ke cikin abin da aka kawo mata, ta bar shi da kauri ninki biyar zuwa goma.

Abubuwa da yawa ne a cikinsa, amma biyu suka fi shafar wannan bayani. Na farko shi ne bilirubin, wani launi da ke samuwa idan tsofaffin jajayen ƙwayoyin jini suka rushe. Shara ce da jiki ke son fitarwa, kuma ita ce ke ba bahaya launinta na ruwan ƙasa bayan ƙwayoyin halittar hanji sun sarrafa ta. Na biyu shi ne gishirin matsarmama, wanda hanta ke ƙerawa daga kolestarol. Shi ne ma'aikacin.

Matsalar da gishirin ke warwarewa sananniya ce ga duk wanda ya taɓa wanke kwanon miya da ruwa zalla. Mai ba ya haɗuwa da ruwa, cikin hanji kuwa ruwa ne, sinadaran da ke narka abinci ma a cikin ruwa suke aiki. Kowace ƙwayar gishirin matsarmama tana da fuska biyu, ɗaya mai son mai, ɗaya mai son ruwa, tamkar sabulu. Takan manna fuskar farko a jikin ɗigon mai, ta juya ta biyun ga ruwa, sai ɗigon ya kasa komawa ya haɗe da 'yan uwansa. Gishirin ba ya narka mai da kansa. Yana shirya shi ne domin mai narkawa, sannan ya yi dakon abin da aka narka.

Cokali biyu na man gyaɗa

A ɗauka wani ɗan kasuwa ya ci shinkafa da wake da ƙarfe 1 na rana, an zuba masa man gyaɗa cokali biyu manya. Kowane cokali yana da nauyin kusan giram 14, ke nan giram 28 na mai ya shiga cikinsa.

A cikin tumbi aikin kaɗan ne. Tumbin yana cakuɗa abincin har man ya rarrabu zuwa manyan ɗigo, wani sinadarin narkarwa na tumbi ya fara sassaƙe ɗan abin da ya samu. Daga nan sai a riƙa tura abincin kaɗan-kaɗan zuwa farkon ƙaramin hanji. Da zarar bangon wannan wuri ya ji maiƙo, sai ya saki wani sinadarin saƙo cikin jini mai suna kolesistokinin, wanda Andrew Ivy da Eric Oldberg suka gano a Amurka a shekarar 1928. Saƙon yana sa matsarmama ta matse, ya sassauta zoben tsokar da ke tsare bakin bututunta, ya kuma umarci fankiriyas, wato gaɓar nan da ke kwance a bayan tumbi wadda ke yin insulin, ta zubo nata ruwan narkarwa. Yana kuma sa tumbi ya rage saurin turo abinci, shi ya sa abinci mai maiƙo ke riƙe ciki fiye da koko. Cikin awa guda matsarmamar ɗan kasuwar ta juye fiye da rabin abin da ta tara tun safe.

A nan motsin hanji da gishirin matsarmama suke farfasa man zuwa ɗigo ƙanana ƙwarai. Lissafin abin yana da sauƙi. Idan aka raba ɗigo ɗaya mai faɗin milimita 1 zuwa ɗigo masu faɗin kashi ɗaya cikin dubu na milimita, za a samu ɗigo biliyan ɗaya, kuma faɗin fuskar da ke taɓa ruwa zai ninka sau 1,000, alhali yawan man bai canza ba. Wannan yana da muhimmanci domin laifes, sinadarin fankiriyas mai narka mai, a fuskar ɗigo kaɗai yake iya aiki.

Kowace ƙwayar mai tana da siffar matsefi mai haƙora uku, wato gindi ɗaya da dogayen sarƙoƙi uku na asid ɗin mai. Laifes yana cire haƙoran gefe biyu ya bar na tsakiya a manne da gindin. Gutsattsarin da aka samu har yanzu ba sa son ruwa, ga shi kuma akwai wani siririn shimfiɗin ruwa da majina kwance a kan bangon hanji wanda sai an ratsa shi. Sai gishirin matsarmama ya sake shigowa. Ƙwayoyinsa sukan taru su yi wani ɗan mitsitsin ƙunshi da ake kira maisel, su sa gutsattsarin man a tsakiya, tare da kolestarol da bitamin A da D da E da K, su ratsa ruwan da su, su sauke a bakin ƙwayoyin bangon hanji, su koma su ɗauko wasu. Daga giram 28 ɗin nan, mai lafiya zai tsotse kashi 95 cikin ɗari ko fiye, abin da zai fita a bahaya bai wuce giram ɗaya da rabi ba.

Shi kansa gishirin ba a barinsa ya salwanta. Duk abin da ke jikin mutum bai wuce giram 2 zuwa 4 ba, wanda ba zai isa aikin yini ba. Don haka idan ya kai ƙarshen ƙaramin hanji sai a tsotse kusan kashi 95 cikin ɗari nasa, a mayar wa hanta ta jini, ita kuma ta sake zubo shi. Yana yin wannan zagaye sau shida zuwa goma a rana, hanta ta cike gurbin kimanin rabin giram da ke ɓacewa. Jari ne ƙarami da ake juyawa da sauri.

Inda hanya ta rabu

Abin mamaki yana faruwa a cikin ƙwayar bangon hanji. Man da aka sha wahalar warwarewa, sai ƙwayar ta sake ɗinke shi ya koma matsefi mai haƙora uku. Daga nan ta dunƙule shi da yawa wuri guda, ta lulluɓe dunƙulen da wani siririn ɓawo mai son ruwa, ta ɗaura masa wani furotin da ke zama shaidarsa. Ana kiran wannan dunƙule kailomaikiron, sunan da Simon Gage na Jami'ar Cornell ya raɗa masa a shekarar 1920. Kusan kashi tara cikin goma na nauyinsa mai ne.

Girman dunƙulen ne ke yanke masa hanya. Bangon ƙaramin hanji cike yake da miliyoyin 'yan tsirarrakin yatsu kamar gashin tawul, kuma a cikin kowanne akwai ragar ƙananan jijiyoyin jini, a tsakiya kuma akwai wani bututu guda mai rufaffen kai. Ƙofofin da ke jikin jijiyoyin jinin sun ishi suga wucewa, amma sun yi wa kailomaikiron ƙanƙanta, domin manya daga cikinsu suna kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Bututun tsakiyar kuwa yana da giɓi tsakanin ƙwayoyin bangonsa, ta nan dunƙulen ke shiga.

Wannan bututu reshe ne na magudanan limfi. Limfi shi ne ruwan da ke tsatsowa daga jijiyoyin jini ya jiƙa naman jiki, wanda wasu siraran magudanai ke tattarawa su mayar cikin jini. Kaluluwar da ke kumbura a hammata ko a matsematsi idan mutum ya ji rauni, ɗaya ce daga matatun da ke kan waɗannan magudanai. A sauran jiki limfi garai-garai yake, amma na hanji bayan cin maiƙo fari ne fat kamar madara.

Limfi ba shi da zuciyar da ke tura shi. Motsin hanji, da matsewar bangon magudanan, da numfashi ne ke ingiza shi, wasu 'yan ƙyamare na ciki kuma suna hana shi komawa baya. Daga hanji yana bin tantanin da ke riƙe da hanjin, ya ratsa kaluluwar ciki, ya taru a wata 'yar matattara a gaban ƙashin baya, daidai saman kunkuru. Daga nan sai babban bututun ƙirji, mai tsawon kusan santimita 40, ya hau da shi ta jikin ƙashin baya, ya karkata hagu, ya juye shi cikin babbar jijiya a gindin wuya, bayan ƙashin da ya gitta tsakanin wuya da kafaɗar hagu. Kimanin lita biyu ke bin wannan bututu a rana, ya kan fi haka idan an ci maiƙo sosai.

Man ɗan kasuwar nan zai fara bayyana a jininsa wajen ƙarfe 2 zuwa 3, ya kai ƙololuwa tsakanin la'asar da magariba, wato awa uku zuwa biyar bayan cin abincin. Da za a ɗebi jininsa a lokacin bayan abinci mai maiƙo sosai a ware ruwansa, za a iya ganinsa da duhu-duhun fari. Wannan ne ya sa a kan ce wa mutum ya zo gwajin maiƙon jini ba tare da ya ci komai ba na awa 8 zuwa 12. Da yake ta wuya ya shigo, man yana ratsa zuciya da huhu ya zagaya jiki kafin ya je hanta. Tsoka da ma'ajiyar kitse suna da wani laifes nasu a bangon jijiyoyinsu, wanda ke yagar rabonsu yayin da dunƙulen ke wucewa. Ragowar da ta motse ce kaɗai ke isa hanta.

Wani amfani na yau da kullum ya fito daga nan. Akwai magungunan da ba sa narkewa a ruwa, waɗanda ke cin gajiyar zubowar ruwan matsarmama. Maganin zazzaɓin cizon sauro mai haɗin atimita da lumefantirin yana cikinsu, shi ya sa ake cewa a sha shi bayan cin abinci mai ɗan maiƙo ko da madara. Wanda ya haɗiye shi da ruwa a kan yunwa zai tsotsi kaɗan ne daga lumefantirin ɗin.

Yadda aka gano hanyar

A watan Yulin 1622, wani likita a birnin Milan na Italiya mai suna Gaspare Aselli ya buɗe cikin wani kare da bai daɗe da cin abinci ba, ya ga fararen zare sun bazu a tantanin hanjinsa. Ya zaci jijiyoyin ji ne, da ya huda ɗaya sai farin ruwa ya fito. Ya sake gwadawa a kan karen da bai ci komai ba, bai ga komai ba. Sai dai Aselli ya ɗauka cewa hanta magudanan suka nufa, kamar yadda ilimin zamaninsa ya koyar. Jean Pecquet na Faransa ne ya bi sawunsu har zuwa gindin wuya, ya wallafa hakan a 1651.

Rawar fankiriyas kuma Claude Bernard ya bayyana ta a shekarun 1840, ta hanyar lura da zomo. A jikin zomo, bututun fankiriyas yana buɗewa cikin hanji can ƙasa da na matsarmama, da tazara mai tsawo. Bernard ya ga cewa magudanan ba sa yin fari sai daga inda ruwan fankiriyas ya shigo. Wato ruwan matsarmama shi kaɗai bai isa ba, kamar yadda cututtuka suka nuna cewa na fankiriyas ma shi kaɗai ba ya kammala aikin.

Idan ruwan bai isa hanji ba

A koma ga ɗan kasuwar, a ɗauka cewa wani ɗan tsakuwa ya fito daga matsarmamarsa ya toshe babban bututun da ke kai ruwan cikin hanji. Irin wannan tsakuwa daga kolestarol take samuwa, ko daga bilirubin, kuma ta biyun ta yawaita ga masu cutar sikila saboda yawan rushewar jininsu. Alamun suna bin bayanin da ya gabata daki-daki. Bilirubin ya rasa hanyar fita, sai ya koma cikin jini, idanu su yi rawaya, abin da ake kira shawara. Ƙoda ta fitar da wani kaso nasa, fitsari ya yi duhu kamar shayi. Bahaya ta rasa mai rina ta, ta koma fari-fari kamar farar ƙasa. Sau da yawa jiki yakan yi ƙaiƙayi mai tsanani, musamman da dare.

Man da ya ci kuma, da yake babu mai dakonsa, abin da ya kai kusan rabi zai iya wucewa ba a tsotsa ba. Bahayar takan yi yawa, ta yi maiƙo da wari mai ƙarfi, ta ƙi wankuwa daga jikin masai. A ɗakin gwaji, mai lafiyar da ke cin giram 100 na maiƙo a rana ba ya fitar da fiye da giram 7, abin da ya haura haka alama ce ta matsala. Idan toshewar ta ɗauki makonni, bitamin K ne kan fara ƙarewa, domin jiki ba ya tara shi da yawa, sai jini ya riƙa jinkirin daskarewa. Saboda haka likitoci ke gwada daskarewar jinin irin wannan majiyyaci, su yi masa allurar bitamin K kafin tiyata.

Wannan ne bambancin da ya kamata a riƙe game da shawara, domin kalmar guda ce amma musabbabanta da yawa. Wadda ta zo daga rushewar jini ba ta sa bahaya ta yi fari. Wadda ta zo da farar bahaya da duhun fitsari da ƙaiƙayi tana nuna cewa ruwan ya tsaya a wani wuri, ko a cikin hanta ko a bututu, kuma hoton ciki na na'ura ne ke bambancewa. Jiƙo ba ya kawar da tsakuwa. Idan zazzaɓi da rawar sanyi da ciwon gefen dama suka haɗu da ita, alama ce bututun ya kamu da ƙwayoyin cuta, lamarin kuma na gaggawa ne. Haka jaririn da shawararsa ta wuce mako biyu kuma kashinsa ya yi fari: akwai waɗanda ake haifa da toshewar bututun, kuma tiyatar gyaran ta fi nasara idan an yi ta kafin ya cika wata biyu.

Cire matsarmama ɗungurungum kuwa ba ya jawo duk wannan. Hanta tana ci gaba da yin ruwan, yana ɗiga cikin hanji a hankali maimakon ya zubo gaba ɗaya. Akasarin mutane suna narka maiƙo lafiya bayan tiyatar, wasu dai sukan yi fama da saki na ɗan lokaci idan suka cika cin soye-soye. Yanke ƙarshen ƙaramin hanji ya fi haka illa, domin a can ake dawo da gishirin. Idan abin da aka yanke ya wuce kimanin mita ɗaya, hanta ba ta iya cike asarar.

Idan magudanan suka yoyo

Babban bututun ƙirji yana iya tsagewa a haɗarin mota, ko a yayin tiyatar ƙirji, ko ƙari ya danne shi. Sai farin ruwan ya taru a kewayen huhu, numfashi ya yi wuya. Idan aka zuƙo shi da allura yakan yi kama da mugunya, amma gwaji zai nuna maiƙo ya haura miligiram 110 a kowane mililita 100. Haɗarin ya wuce na numfashi, domin ruwan yana ɗauke da furotin da fararen ƙwayoyin jini masu kare jiki, mai asarar lita guda ko biyu kullum zai rame kuma garkuwarsa ta raunana cikin 'yan makonni.

Wani nau'in yoyon yana da alaƙa da cutar da aka sani a ƙasar nan. Tsutsar da sauro ke yaɗawa, mai haddasa tundurmi da gwaiwa, a cikin magudanan limfi take zama. Idan ta lalata na cikin ciki, farin ruwan yakan koma baya ya fashe cikin hanyar fitsari, sai mutum ya riƙa yin fitsari fari kamar madara, wanda ke ƙara fari bayan cin maiƙo, wani lokaci har ya daskare idan an ajiye shi. Akan ɗauke shi a matsayin ciwon sanyi ko mugunya a yi ta shan maganin da bai dace ba.

A duka biyun, matakin farko na magani daga hanyar da aka bayyana ya samo asali. Ana janye wa majiyyaci mai na yau da kullum domin magudanan su huta, a ba shi wani mai na musamman mai gajerun sarƙoƙi, masu ƙwayar kabon 8 zuwa 10, alhali na man gyaɗa da man ja suna da 16 zuwa 18. Gajerun suna ɗan narkewa a ruwa, ba su cika buƙatar gishirin matsarmama ba, ba a kuma dunƙule su, sai su shiga jijiyar jini su tafi hanta tare da suga. Daga man kwakwa da man alayyadi ake tace shi, amma ɗanyen man kwakwa ba ya maye gurbinsa, domin kusan rabinsa mai kabon 12 ne, kaso mai yawa na wannan kuma ta limfi yake bi. Idan yoyon ƙirji ya ƙi tsayawa duk da haka, a kan dakatar da abinci ta baki a koma ciyarwa ta jijiya, in ya ci tura a ɗaure bututun da tiyata, limfin ya nemi wasu ƙananan magudanai ya bi zuwa jini.